Yadda Ake Gane Atamfar Jabu: Labarin Bilkisu a Kantin Kwari

A wannan darasi za ku karanta labarin wata budurwa mai suna Bilkisu, wadda aka aika kasuwa sayen atamfar lefe. Ta yi kuskure a rana ta farko, ta gyara a rana ta biyu. Idan kun bi labarin a hankali, za ku koyi yadda ake bambanta atamfa ta asali da ta jabu. Za ku kuma koyi kalmomin da masu saye da masu sayarwa suke amfani da su a kasuwar tufafi.

Lefe da turmi

Kafin mu shiga labarin, ya kamata ku san kalmomi biyu. Ta farko ita ce lefe. A al'adar Hausawa, lefe shi ne kayan sawa da na kwalliya da ango yake haɗa wa amarya kafin biki. Ana zuba su a akwatuna, sai mata dangin ango su kai gidan iyayen amarya. A can mata dangin amarya za su buɗe akwatunan, su ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya, su ƙirga. A cikinsu ba a rasa waɗanda suka san tufafi sosai. Saboda haka idan aka sami jabu a lefe, kunyar ba ta ango kaɗai ba ce, ta danginsa ce baki ɗaya.

Kalma ta biyu ita ce turmi. A nan ba turmin daka ake nufi ba. Turmin atamfa shi ne yadi 6, wato kusan mita biyar da rabi. Da turmi ɗaya mace take ɗinka riga da zane da ɗankwali.

Rana ta farko

Bilkisu 'yar shekara 19 ce, tana zaune da iyayenta a unguwar Gwammaja a birnin Kano. Yayanta Sani makaniki ne. Ya yi shekara biyu yana tara kuɗin aure. Da lokacin haɗa lefe ya yi, sai ya ware naira 400,000 domin atamfa. Ya ce yana son turmi 2 na holan, wato atamfar ƙasar Holan mai tsada, kowanne a kan naira 120,000. Ragowar naira 160,000 kuma a sayi turmi 8 na matsakaiciyar atamfa, kowanne naira 20,000. Ku sani farashi yana canzawa kullum. Abin lura a wannan labari shi ne tazarar da ke tsakanin farashi da farashi.

An shirya Bilkisu za ta tafi kasuwa tare da Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifinta, wadda ta yi shekara 30 tana ɗinki. Amma Bilkisu ta ƙosa. Ta ce bari ta fara zuwa ita kaɗai ta ga kaya, ta ji farashi. Ta ɗauki naira 50,000 daga cikin kuɗin, ta hau adaidaita sahu zuwa Kantin Kwari.

Kasuwar Kantin Kwari tana yankin Fagge a Kano, kuma tana cikin manyan kasuwannin tufafi na Afirka ta Yamma. Fatake suna zuwa sari daga jihohin Nijeriya, da Nijar, da Chadi, da Kamaru. Layukan kasuwar a matse suke, 'yan dako suna ta kiran a ba su hanya, shaguna kuma cike da atamfa da shadda da leshi tun daga ƙasa har sama. Wanda bai saba ba, nan da nan sai kansa ya juya.

Tun a bakin kasuwa wani saurayi ya tare ta. Ya ce, "Hajiya, me za a kawo? Atamfa ce ko leshi?"

Ta ce, "Holan nake nema, ta lefe."

Ya ce, "Kin zo wurin da ya dace. Tsaya nan, kada ki wahala cikin cunkoso."

Ya shige wani lungu. Jim kaɗan sai ga shi da turmi guda cikin leda, shuɗi mai furanni ruwan ɗorawa, yana ƙyalli. An manna masa takarda mai ruwan zinariya. Ya ce naira 70,000. Bilkisu ta taya 40,000, ya ce albarka. Ta ƙara 5,000, ya sallama. Ta biya naira 45,000 ba tare da ta warware atamfar ba, ba ta kuma karɓi rasit ba. Ta koma gida tana murna, a ganinta ta rage wa yayanta naira 75,000.

Da Gwaggo Asabe ta ji farashin, ba ta ma taɓa ledar ba tukuna, ta ce, "'Yar nan, wa ya taɓa sayar da saniya a kuɗin akuya? Araha ba ta ado. Kawo tabarma, ki warware mu gani."

Yadda ake yin atamfa ta asali

A nan za mu ɗan dakata da labarin. Ba za ku fahimci gwajin da Gwaggo ta yi ba sai kun san yadda ake yin atamfar.

Idan kun taɓa ganin marina, kamar ta Ƙofar Mata a Kano, kun san yadda ake yin adon rini. Ana ƙulle wasu wurare a jikin farin ƙyalle da zare, sannan a tsoma shi cikin baba. Inda aka ƙulle, rini ba ya shiga, sai wurin ya fito fari. Atamfar da ake kira mai danƙo ita ma haka take, sai dai maimakon zare, da danƙo ake toshe wuraren. Mutanen tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya sun daɗe suna irin wannan aiki da hannu, suna amfani da kakin zuma. A ƙarni na 19 Turawan Holan suka fara kwaikwayonsa da inji. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda aka kafa a shekarar 1846, shi ne mai yin atamfar da Hausawa suke kira holan.

Ga yadda aikin yake. Ana ɗaukar farin yadi na auduga, a bi da shi tsakanin wasu manyan ƙarafa biyu masu juyawa, waɗanda aka sassaƙa ado a jikinsu. Ƙarafan suna buga narkakken danƙo a fuskar yadin da bayansa a lokaci guda. Daga nan sai a tsoma yadin gaba ɗaya cikin rini. Bayan haka ana murza shi domin danƙon ya farfashe. Wani danƙon ya zube, wani ya maƙale. Wannan ne yake barin wasu siraran layuka kamar jijiyoyi, da ɗige-ɗige kamar kumfa. Sannan a ƙara sauran launuka ɗaya bayan ɗaya, a wanke. Aikin yana da matakai da yawa, shi ya sa atamfar take da tsada.

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi. A wannan hanya ba danƙo, ba tsomawa. Inji ne kawai yake buga launi a fuskar yadin, kamar yadda ake buga hoto a takarda. Irin wannan atamfa ba laifi ba ce. Tana da araha, kuma mutane da yawa ita suke sawa. Tana zama jabu ne a ranar da aka manna mata sunan wata, aka sayar da ita a matsayin abin da ba ita ba. Ku riƙe wannan bambanci da kyau: mai araha daban, jabu daban.

Gwajin Gwaggo a tsakar gida

Bilkisu ta shimfiɗa atamfar a hasken rana. Gwaggo ta naɗo gefe ɗaya, ta haɗa fuska da baya wuri guda. Ta ce, "Wanne ne fuska, wanne ne baya?"

Bilkisu ta nuna nan take. Fuskar tana da launi mai ƙarfi, bayan kuwa ya yi fari-fari, kamar an yayyafa masa gari.

Gwaggo ta ce, "Da ta asali ce, sai kin ƙura ido kafin ki raba su."

Kun ga dalili. Yadin da aka tsoma cikin rini yana shan launi ta kowane gefe. Wanda aka buga wa launi a fuska kuwa, kaɗan ne yake ratsawa zuwa baya. Wannan shi ne gwaji na farko, kuma shi ya fi sauƙi.

Sai Gwaggo ta kama kusurwar atamfar da hannu biyu, ta cuɗa ta kamar mai wanki. Da ta saki, wurin ya yi laƙwas, ƙyallin ya tafi, ga kuma wani farin gari a yatsunta. Ta ɗaga wurin sama ta fuskar rana, sai ga haske yana ratsowa tsakanin zare da zare.

Ta ce, "Kin ga wannan gari? Sitaci ne. Saƙar ba ta da kauri, shi ya sa aka cika ta da sitaci don ta yi nauyi a hannu. Wanki ɗaya zai tafi da shi."

Kusan kowace sabuwar atamfa tana da ɗan tauri. Amma mai kyau, idan an cuɗa ta, laushi take yi, jikinta yana nan. Marar kyau kuwa sirancewa take yi.

Daga nan Gwaggo ta jiƙa farin hankici da ruwa, ta goga shi a kan furen nan ruwan ɗorawa sau 10. Hankicin ya rine. Ta ce, "Wannan tana zuba." Idan aka ce atamfa tana zuba, ana nufin launinta yana fita cikin ruwa. Wadda take zuba da yawa ba ta daɗewa take koɗewa, kuma tana ɓata sauran kayan da aka wanke tare da ita. Sai dai ku lura, ko atamfa mai kyau, musamman mai shuɗi mai duhu, tana iya barin ɗan launi kaɗan a wankin farko. Saboda haka ɗan shafi-shafi ba hujja ba ne. Abin tsoro shi ne hankici ya rine sosai.

Gwaji na ƙarshe shi ne na wuta. Gwaggo ta zaro zare daga inda aka yanke turmin. Ta zaro 'yan silla na tsaye, ta zaro na kwance, ta ware su. Ta ajiye kwanon ruwa a gefe, ta ƙyasta ashana. Zaren tsaye ya kama da sauri, ya yi ƙaurin takarda, ya bar toka mai laushi wadda ta murje a yatsa. Zaren kwance kuwa ya takure tun kafin wutar ta taɓa shi, ya narke, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar wani ɗan ƙwallo baƙi mai tauri.

Ta ce, "Na farko auduga ne. Na biyu roba ne. An gauraya su. Holan kuwa auduga ce zalla."

Dalilin wannan a fili yake. Auduga tsiro ce, kamar itacen da ake yin takarda da shi, don haka ƙonewa take yi ta zama toka. Zaren roba kuwa daga man fetur ake samo shi, don haka narkewa yake yi kamar leda. Tufafin roba ba ya shan gumi sosai, shi ya sa yake da zafi a jiki lokacin bazara. Gwaggo ta gwada zare biyu ne domin wasu masaƙu suna sa auduga a gefe ɗaya, roba a ɗayan. Kada ku yi wannan gwaji sai tare da babba, kuma kada a yi shi a cikin kasuwa, inda tufafi suke jibge.

Bilkisu ta yi shiru, idonta ya ciko. Ta ce, "Gwaggo, nawa ne kuɗinta na gaskiya?"

Gwaggo ta ce, "Ba ta wuce 12,000 ba."

Wato an cuce ta naira 33,000. Da yamma Sani ya dawo daga gareji, Bilkisu ta durƙusa ta gaya masa gaskiya. Ya daɗe bai ce komai ba, domin kuɗin nan guminsa ne na makonni. Daga baya ya ce, "Gara da aka gane a gidanmu, ba a gidan surukai ba. Gobe ki koma da Gwaggo."

Rana ta biyu

Washegari suka isa kasuwa da hantsi, Gwaggo da tef ɗin awo a jakarta. Sun fara neman saurayin nan a bakin kasuwa. Babu shi, babu wanda ya san sunansa. Bilkisu ba ta san shagon da ya ɗauko kayan ba, ba ta kuma da rasit. Maganar ta mutu a nan.

Gwaggo ta ce, "Darasi na farko ke nan. Ki sayi kaya a wurin mai shago, wanda idan kin dawo gobe za ki same shi. Yau kuma ba zan zaɓa miki ba. Ke za ki duba, ni ina kallo."

Suka shiga wani shago. Bayan sallama da gaisuwa, Bilkisu ta ce, "Alhaji, holan muke so." Yaron shago ya sauko da turmi guda, kore mai adon ganye, ya ce naira 95,000. Ta nemi izini ta warware kamar yadi biyu. Ta haɗa fuska da baya, ta ga kusan ɗaya suke. Ta murza kusurwa a hankali, ba gari. Ta taɓa, ta ji laushin auduga. Ga jijiyoyi da ɗige-ɗige ko'ina. Ta dubi Gwaggo da murmushi, ta ce, "Wannan kam ta asali ce."

Gwaggo ta ce, "Kada ki yi sauri. Zaɓi ganye ɗaya, ki dubi jijiyoyin da ke kansa."

Bilkisu ta zaɓi wani ganye. A kansa akwai layi mai reshe biyu, da ɗigo uku a gefensa.

"To, bi tsawon atamfar, ki nemo inda wannan ganye ya sake fitowa."

Bilkisu ta bi da yatsa har ta same shi. Sai ta ga layi mai reshe biyu, da ɗigo uku a gefensa, daidai wa daida. Ta ƙara gaba, ta sake samun su a ganye na uku. Ta ɗaga kai a hankali, ta ce, "Gwaggo, duk iri ɗaya ne."

Me Bilkisu ta gano? Ku tuna cewa a atamfa ta asali, jijiyoyin suna fitowa ne daga fashewar danƙo. Danƙo kuwa ba ya fashewa iri ɗaya sau biyu, kamar yadda ƙwarya biyu ba sa fashewa iri ɗaya. Saboda haka adon yana maimaituwa, amma jijiyoyin da ke kansa suna canzawa. Masu kwaikwayo ba sa amfani da danƙo. Suna zana jijiyoyin ne a jikin ƙarfen bugawa tare da adon. Duk lokacin da ƙarfen ya juyo, sai ya sake buga jijiya iri ɗaya a wuri ɗaya. Wannan atamfa kore auduga ce, an buga ta fuska da baya, ta tsallake gwaji uku. Gwaji na huɗu ne ya kama ta.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Alhaji, wannan mai bin holan ce. Ta lefe muke so."

Mai shagon ya yi dariya, ya ce, "Hajiya ta san kaya. Ai akwai lamba ɗaya, akwai lamba biyu. Ta asali ba ni da ita yanzu."

Suka yi masa sallama, suka fita. Ku lura da yadda Gwaggo ta yi magana. Ba ta kira shi maƙaryaci ba. A kasuwa, ladabi ya fi faɗa amfani, kuma wani lokaci shi kansa mai shagon a haka aka sayar masa.

A shago na uku, wani dattijo ya kawo musu turmi biyu, ya ce kowanne naira 125,000. Bilkisu ta yi gwajinta ɗaya bayan ɗaya. Fuska da baya suka yi daidai. Ba sitaci. Ta zaɓi fure guda, ta bi shi sau uku, kowane lokaci jijiyoyin daban suke. Ta kuma lura cewa a wasu wurare launin ja ya ɗan tsallake layin adon. Ta ce, "Gwaggo, wannan ba aibi ba ne?"

Gwaggo ta ce, "A'a. Launukan ɗaya bayan ɗaya ake sa su, don haka wani yakan ɗan goce."

Sai a lokacin Gwaggo ta nuna mata bakin atamfar, wato gefen nan mai tsawo wanda ba ya warwarewa. A nan kamfani yake buga sunansa da lambar adon. Ta ce ta karanta sunan harafi bayan harafi, domin masu jabu sukan canza harafi ɗaya, ko rubutun ya fito a dagule. Sannan ta gwada lambar da ke bakin da wadda ke jikin takardar da aka manna. Lambobin suka dace.

Bilkisu ta ce, "Me ya sa ba mu fara da wannan ba?"

Gwaggo ta ce, "Domin takarda ta fi komai sauƙin kwaikwayo. Ba ita ta ruɗe ki jiya ba? Idan takarda ta yi kuskure, kin kama jabu. Idan ta yi daidai, ba ki tabbatar da komai ba tukuna. Atamfar ake tambaya, ba takardar ba."

Daga ƙarshe Gwaggo ta fito da tef. Da izinin dattijon suka auna. Yadi ɗaya inci 36 ne, don haka turmi inci 216 ne. Duka biyun suka cika. Gwaggo ta ce ta sha ganin turmin da bai wuce yadi biyar da rabi ba. Mai shi ba ta ganewa sai tela ya ce ɗankwali ba zai fita ba.

Aka yi ciniki, dattijon ya sallama a naira 120,000 kowanne. Bilkisu ta ce, "Baba, a rubuta mana rasit, a sa sunan atamfar da lambarta." Ya dube ta, ya yi murmushi, ya rubuta.

Yanzu ku yi lissafi tare da su. Daga naira 400,000 an yi asarar 45,000, saura 355,000. Holan biyu sun ci 240,000, saura 115,000. Maimakon turmi 8 na matsakaiciya, 5 kawai suka iya saye a kan 100,000, saura 15,000. A hanyar fita, Bilkisu ta hango atamfar jiya a teburin wani mutum, shuɗiya mai furanni ruwan ɗorawa. Ba takardar zinariya a jikinta, sunan kamfaninta na gaskiya ne a baki. Ta tambayi kuɗinta, ya ce 12,000. Gwaggo ta zaɓi wani launi daga irinta, ta biya, ta ce amarya za ta yi aikin gida da ita. Ragowar 3,000 suka hau adaidaita sahu da su.

Ranar kai lefe, wata tsohuwa daga dangin amarya ta ɗauki holan ɗin, ta juya bayanta, ta murza kusurwa, ta ƙura wa furannin ido. Sannan ta ninke, ta ce, "Madalla. Wa ya zaɓo?" Gwaggo ta nuna Bilkisu. Ita kuwa Bilkisu a ranar tana sanye da shuɗiyar atamfar nan ta naira 45,000, wadda Gwaggo ta ɗinka mata. Wanki biyu kawai aka yi mata, amma furannin sun fara koɗewa.

Iyakar waɗannan gwaje-gwaje

Kada ku ɗauka gwaji ɗaya ya isa. Gwajin wuta yana gaya muku irin zaren ne kawai, ba ya gaya muku kamfanin da ya yi atamfar, domin akwai jabu na auduga zalla. Gwajin fuska da baya yana kama jabu mai araha, amma mai tsada yana tsallake shi. Gwajin jijiyoyi ya fi ƙarfi, sai dai na atamfa mai danƙo ne kaɗai. Akwai atamfofi masu kyau waɗanda ba da danƙo aka yi su ba, kuma ba su da jijiyoyi ko kaɗan. Shadda da leshi kuma suna da nasu hanyoyin dubawa. Abin da ya kamata shi ne ku haɗa shaidu: farashi, da fuska da baya, da taɓawa, da jijiyoyi, da baki, da awo. Idan ɗaya daga cikinsu ya saɓa, ku ajiye turmin ku ƙara gaba.

Ma'anar kalmomi

Jabu: abin da aka kwaikwaya aka sayar da sunan na asali.
Taya: faɗin kuɗin da mai saye yake son biya.
Albarka: kalmar da mai sayarwa yake faɗa idan tayi bai yi masa ba.
Sallama: a ciniki, yardar mai sayarwa da tayi.
Sari: sayen kaya da yawa domin a sake sayarwa.
Baba: tsiron da ake samun shuɗin rini daga gare shi.
Koɗe: launi ya dusashe saboda wanki ko rana.
Gwaggo: 'yar'uwar mahaifi.
Surukai: dangin matar mutum ko na mijin mace.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin atamfa mai araha da atamfar jabu?
2. Kawo kurakurai uku da Bilkisu ta yi a rana ta farko.
3. Me ya sa fuska da bayan atamfa mai danƙo suke kama da juna?
4. Yaya zaren auduga yake ƙonewa, yaya kuma na roba?
5. Bayyana yadda Bilkisu ta gane koriyar atamfar ba holan ba ce.
6. Me Gwaggo take nufi da cewa, "Atamfar ake tambaya, ba takardar ba"?
7. Ku kasu biyu-biyu, ɗaya mai saye, ɗaya mai shago. Ku yi cinikin turmin atamfa, kuna amfani da kalmomin taya, albarka da sallama.